Yadda Ake Tsara Takardar Kayan Tafiya Wadda Tawaga Za Ta Riƙa Maimaitawa

Mu biyar ne muke aikin ɗaukar bidiyo da kafa lasifika a wuraren biki da taro. Akwai masu kyamara biyu, da mai sauti, da mai haske wanda kuma shi ke kula da janareta, sai direba. Wata Asabar mun tashi daga Kano da asuba zuwa ɗaurin aure a Katsina. Mun isa a kan lokaci, mai babbar kyamara ya buɗe jaka, ya kunna, sai kyamara ta ce babu kati a cikinta. Katin yana can ofis, a maƙale jikin kwamfutar da aka kwashe aikin ranar Alhamis. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne muna da takardar kaya a hannu, kuma a gaban "kyamara" an sa maki. Wanda ya sa makin bai yi ƙarya ba, domin kyamara kam ta shiga jaka. Takardar ce ba ta tambaye shi abin da ya kamata ta tambaya ba.

Daga ranar na sake tsarin takardar, kuma shi zan bayyana a nan. Misalan duk na aikinmu ne, amma masu kai dafaffen abinci wurin taro ko masu fita aikin safiyo za su iya sauya sunayen kayan kawai su ci gaba. Da Google Sheets nake aiki, don kowa a tawagar yana iya buɗe shi a waya, sai dai ainihin tsarin yana yiwuwa da Excel, yana kuma yiwuwa da takarda da rula.

## Fara da jakunkuna, kafin ka taɓa kwamfuta

Mutane da yawa suna buɗe kwamfuta su fara jero kaya da ka. Kada ka yi haka. Ka tara tawagar a inda kuke ajiye kaya, ku baje komai a tabarma, ku raba shi yadda zai yi tafiya. Kowace jaka, kowane akwati, kowane kwali sai ya sami suna gajere da aka rubuta a jikinsa da maka a kan farin salatif mai faɗi, a gefe biyu, yadda ko ta ina aka ajiye shi za a gani.

Mu namu shida ne. J1 jakar babbar kyamara, J2 jakar ƙaramar kyamara, A1 akwatin sauti, A2 akwatin fitilu da wayoyin wuta, sai BUT wato bayan mota, inda manyan kaya irin janareta da ƙafafun kyamara suke zama tsirara ba cikin komai ba. Na shida shi ne HANNU, ga abin da mutum zai riƙe a jikinsa, kamar takardar yarjejeniya da kuɗin mai.

Dalilin fara da wannan shi ne layin "Wuri" na takardar, inda ake rubuta inda kowane abu zai shiga, ba ya aiki sai idan wuraren ƙidayayyu ne, kuma kowa yana kiransu da suna ɗaya. Idan ka bar kowa ya rubuta abin da ya ga dama, za ka tarar da "jaka", da "baƙar jaka", da "cikin mota", da "wajen oga". Jakunkunanmu duk baƙaƙe ne, kuma komai cikin mota yake. Wuri mai amfani shi ne wanda idan aka karanta wa baƙo, hannunsa zai tafi kai tsaye ba tare da ya tambayi kowa ba.

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ruɗa mu. Shin "Wuri" yana nufin inda kaya suke kwana a ofis ne, ko inda suke a lokacin tafiya? Na gwada layi biyu, takarda ta yi faɗi har ba ta karantuwa a waya. A ƙarshe na tsayar da cewa Wuri na tafiya ne kawai. A ofis kuwa kowane abu yana kwana cikin jakarsa, in ban da batura da ke kan caji. Idan kayanku suna warwatse a ɗakuna daban-daban ko a gidajen mutane, to ƙara layi na biyu ya zama dole, amma ku fara gwada guda ɗaya.

## Rubuta kaya yadda ba za a iya yi musu kuɗin goro ba

Yanzu sai jerin kayan. Ƙa'idata ita ce duk abin da zai iya rabuwa da ɗan'uwansa a manta shi, to layinsa daban. Kyamara layi ɗaya, katinta layi ɗaya, baturanta layi ɗaya, cajarta layi ɗaya. Makirfo marar waya ba abu ɗaya ba ne: akwai na hannu, akwai akwatin da ke karɓar muryar, akwai wayar da ke haɗa shi da na'urar sauti, akwai batura. An sha zuwa da makirfo a bar wayar nan guda ɗaya wadda ba ta kai tsawon kamu biyu ba, kuma in babu ita makirfon ado ne kawai.

Amma kada ka zarce. Idan ka fara rubuta murfin gilashin kyamara da igiyar ratayawa, jerin zai haura layi ɗari, kuma dambu idan ya yi yawa ba ya jin mai. Mutum zai duba goma na farko da gaske, sauran ya bi su da maki yana hira. Namu da layi 38 ya fara, kuma a ganina idan ya wuce 45 gara a raba shi gida biyu, mutum biyu su yi aikin a lokaci guda. Ƙananan abubuwa masu arha sai a haɗa su a leda ɗaya mai zif, a manna jerinsu a jikin ledar, a ba ta layi ɗaya: "ledar gyara: salatif baƙi, fiyus, sukudireba, almakashi".

Kowane layi ya zo da adadi a lamba. "Batura" ba ta ce komai ba. "Batirin babbar kyamara, 4" ita ce ake iya ƙirgawa. Adadin ma ba da ka ake sa shi ba. Kyamarar da ke ɗauka a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cinye kusan gigabait 45 a awa ɗaya, wato katin 128 bai cika awa uku ba. Idan ɗaurin aure da walima za su ci awa biyar na ɗauka, kati biyu da ƙyar za su kai, saboda haka muke rubuta uku. Ka yi irin wannan lissafin sau ɗaya a lokacin tsara takardar, don kada a riƙa yin sa da asuba ido na barci.

## Layukan tsaye da yadda aka jera su

Buɗe sabon shafi. Layi huɗu na sama ka bar su don bayanin tafiya: sunan aiki, gari, kwanan wata, lokacin tashi, da wanda ke riƙe da kowane aiki a wannan tafiyar. A layi na biyar ka rubuta kanun layukan tsaye, kaya kuma su fara daga layi na shida. Ga yadda namu yake, da misalai kaɗan:

| A Lamba | B Kaya | C Adadi | D Wuri | E Mai alhaki | F An zuba | G An duba | H Ya dawo | I Bayani |
|---|---|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | Babbar kyamara | 1 | J1 | Kyamara 1 | | | | A kunna, a ɗauki daƙiƙa goma |
| 2 | Katin 128 | 3 | J1 | Kyamara 1 | | | | An kwashe, an goge, ɗaya a ciki |
| 3 | Batirin kyamara | 4 | J1 | Kyamara 1 | | | | Kowanne a sa a ga cike |
| 17 | Makirfo marar waya | 2 | A1 | Sauti | | | | A yi magana a ji a lasifika |
| 31 | Janareta | 1 | BUT | Haske | | | | A tayar, a duba baƙin mai |

Ba don ado aka jera su haka ba. Ido yana tafiya daga hagu zuwa dama, kuma aikin ma haka yake tafiya: mene ne, guda nawa, ina zai shiga, wa zai sa shi, ya sa, an tabbatar, ya dawo. Gidajen maki guda uku suna jere da juna don yatsa ya same su a waya ba tare da jan shafi ba.

Ka jera kayan bisa wuri, ba bisa harafi ba. Duk na J1 su biyo juna, sannan na J2, har zuwa BUT. Mai dubawa zai buɗe jaka ɗaya, ya gama da ita, ya rufe, ba ya sake komawa. Jerin da ke sa mutum tsalle daga akwati zuwa jaka ya dawo akwati shi ne ke sa a ciro abu don dubawa a bar shi a ƙasa.

## "An zuba" da "An duba" ba abu ɗaya ba ne

Nan ne zuciyar takardar, kuma nan aka fi lalata ta.

"An zuba" shaidar mai alhaki ce: na ɗauki abin nan da hannuna, adadinsa ya cika, na sa shi a wurin da aka rubuta. Shi kaɗai ke sa wannan makin, kuma bayan abin ya shiga jaka yake sa shi, ba lokacin da ya hango shi a kan tebur ya ce yanzu zan ɗauka ba. Tsakanin "yanzu zan ɗauka" da ɗauka ne waya take ƙara, a fita amsa kira, a dawo an manta.

"An duba" kuwa shaidar wani ne daban: na buɗe wurin da takarda ta ce, na ga abin, na ƙirga, na gwada yana aiki. Idan mutum ɗaya ne ya sa maki biyun, to layi na biyu ɓarnar tawada ce. Wanda ya zuba kaya yana ganin abin da ya yi niyyar zubawa ne, ba abin da ke cikin jakar ba. Shi ya sa muka yi zagaye tsayayye da aka rubuta a saman takarda: Kyamara 2 yana duba na Kyamara 1, Sauti yana duba na Kyamara 2, Haske yana duba na Sauti, direba yana duba na Haske da duk abin da ke but. Kayan direba, wato takardun mota da taya ta safaya da jak, Kyamara 1 ke duba su. Babu wanda ke duba na wanda ya duba shi, don kada a koma "ka sa mini in sa maka".

Wannan ba sabon abu ba ne. Matuƙan jirgin sama haka suke yi kafin tashi, ɗaya ya karanta, ɗaya ya duba ya amsa. Asalin takardarsu ana danganta shi da haɗarin jirgin gwaji na Boeing Model 299 a 1935, wanda ƙwararren matuƙi ya tashi da shi bai cire makullin da ke riƙe da abin sarrafa jirgin ba. Ƙwarewa ba ta hana mantuwa, kuma ina faɗin haka ne domin wanda ya fi daɗewa a tawaga shi ya fi jin haushi idan ƙaramin yaro ya ce zai buɗe jakarsa. Idan kai ne shugaba, ka fara miƙa taka jakar a duba a gaban kowa. Daga nan gardama take mutuwa.

Sai dai kalmar "duba" tana da faɗi. Wani dubawarsa leƙe ne. Amfanin layin Bayani ke nan: a gaban kowane abu da zai iya zuwa amma ya ƙi aiki, a rubuta gwajin da za a yi masa cikin kalmomi kaɗan. Batir, a sa shi a kyamara a ga ya nuna cike. Kati, a ga babu aikin baya a kai, kuma kafin a goge a tabbatar an kwashe. Janareta, a tayar da shi ya yi minti biyu. Wayar jan wuta, a jona fitila a ƙarshenta a ga ta kama. Abin da ba ya lalacewa, kamar tabarma ko lema, ƙirga ya isa, a bar gidan Bayaninsa fayau.

Lokacin yin su ma daban ne. Muna zuba kaya da yamma ana gobe tafiya, mu duba a daren bayan sallar isha'i, lokacin da in an ga wani abu ya mutu akwai sauran damar aro ko saye. Matsalar ita ce batura suna kwana kan caji, wato ba za a iya sa musu "An zuba" da dare ba. Kada a sa. A bar layukansu a buɗe, a bar jakar da baki buɗe kusa da soket, da safe a zuba, a duba, sannan a rufe. Layukan da suka fi cutar da mu a baya duk irin waɗannan ne na "sai da safe", don haka na sa musu tauraro a gaban suna.

Yadda ake dubawar: mai dubawa ya riƙe takarda ya kira suna kawai, ba tare da adadi ba. Mai alhaki ya ɗaga abin ya faɗi adadi. "Batirin kyamara?" "Ga su, huɗu." Idan mai karantawa ya ce "batura huɗu ko?", amsar da zai samu "e" ce ko da uku ne. Gani ya kori ji, sai ya ga huɗun da idonsa zai sa maki.

## Mai alhaki: mutum ɗaya, ba biyu ba

A wannan layin ba a rubuta "kowa", ba a rubuta "yara", ba a rubuta suna biyu. Abin da aka ɗora wa mutum biyu, kowannensu yana zaton ɗayan ya yi. Idan abu yana buƙatar mutum biyu su ɗaga, kamar janareta, alhakin dai na ɗaya ne, shi zai nemi mai kama masa.

Tunda takardar ta maimaitawa ce, a cikin jerin muna rubuta sunan aiki ne ba sunan mutum ba: Kyamara 1, Kyamara 2, Sauti, Haske, Direba. Mutane suna canjawa. Yau wani ba shi da lafiya, gobe an ɗauko ɗan haya ya riƙe ƙaramar kyamara. A saman takardar kowace tafiya ne ake rubuta wane ne Sauti yau, da sunansa da lambar wayarsa. Gyara wuri ɗaya ke nan maimakon layi goma. Idan tawagarku ba ta canjawa, ku sa sunaye kai tsaye, ya fi kama zuciya, domin mutum ya fi jin nauyin abu idan ya ga sunansa a gabansa.

Kayan haya su ma su shiga jerin, da mai alhakin karɓo su da mayar da su. A Bayani a rubuta "haya, a mayar Litinin". Su aka fi mantawa, saboda ba sa cikin tabarmar da aka baje.

## Ɗaure shafin a Google Sheets

Zaɓi gidajen F6 zuwa H60, ka shiga `Insert > Checkbox`. Kowane gida zai zama ɗan akwatin maki, wanda a ɓoye yake ɗauke da `TRUE` in an danna, `FALSE` in ba a danna ba. Na kai har layi na 60 don a sami sarari in an ƙara kaya.

Don hana kowa rubuta wuri yadda ya so, zaɓi D6 zuwa D60, ka shiga `Data > Data validation`, ka zaɓi `Dropdown`, ka rubuta wuraren nan shida. Ka yi haka ga layin E da sunayen ayyuka biyar. Sannan ka danna layi na biyar, ka shiga `View > Freeze` ka daskarar da shafin har zuwa nan, don kanun su tsaya idan an gangara ƙasa. In ba haka ba, a waya mutum zai sa maki a "An duba" yana zaton "An zuba" ne.

A sama, ka ware gida ɗaya babba da zai nuna layuka nawa suka rage:

```
=COUNTA(B6:B60)-COUNTIFS(F6:F60,TRUE,G6:G60,TRUE)
```

Wannan yana ƙirga duk kayan da ke jerin, ya cire waɗanda suka sami maki biyu. Dokarmu ita ce direba ba ya tayar da mota sai gidan nan ya nuna 0. Idan kana son sanin wa ke riƙe da tafiya, wannan zai faɗa maka nawa suka rage wa mai sauti bai zuba ba:

```
=COUNTIFS(E6:E60,"Sauti",F6:F60,FALSE)
```

Sai launi. Zaɓi A6 zuwa I60, ka shiga `Format > Conditional formatting`, ka zaɓi `Custom formula is`, ka kafa dokoki uku, kowacce da launinta:

```
=AND($F6=TRUE,$G6=FALSE)
=AND($F6=FALSE,$G6=TRUE)
=AND($B6<>"",$E6="")
```

Ta farko rawaya: an zuba, ana jiran dubawa. Ta biyu ja: an ce an duba abin da ba a zuba ba, wanda ba zai yiwu ba, don haka ko yatsa ya kuskure ko wani yana bin layi da maki. Ta uku ita ma ja: akwai kaya babu mai alhaki. Alamar dala da ke gaban harafin ita ke sa launin ya bi layin gaba ɗaya, in ka manta ta za ka ga launi ya warwatse a gidajen da ba su dace ba. Da na so in hana danna G sam sai an danna F, amma akwatin maki shi kansa doka ce a kan gidan, kuma gida ɗaya ba ya ɗaukar doka biyu irin wannan. Jan launin ne madadinsa.

Wanda Excel ɗinsa na Faransanci ne, kamar yadda aka saba a Nijar, zai ga sunayen sun bambanta, `NB.SI.ENS` a madadin `COUNTIFS`, `VRAI` a madadin `TRUE`, kuma `;` ake sa wa a inda na sa waƙafi.

## Uwa da 'ya'yanta

Takardar da ka gama tsarawa ita ce uwa, kuma ba a aiki a kanta. Kowace tafiya kwafi ake cirewa ta `File > Make a copy`, a sa masa suna da kwanan wata a gaba, shekara, wata, rana, sannan gari, kamar `2025-03-15 Katsina`. Da wannan tsarin fayilolin suna jera kansu bisa lokaci.

Babban abin da ke kashe irin wannan takarda shi ne a ɗauki ta makon jiya a ce za a goge makin a sake amfani da ita. Ko da yaushe akwai makin da zai tsira, kuma maki tsohon da ya tsira ya fi rashin takarda illa, don yana ba da tabbacin da babu shi. Alamar da za ka gane haka ta faru: ka buɗe takardar tafiya kafin kowa ya fara aiki, ka ga gidan sama bai nuna adadin kayan jerin cif ba. Saboda haka ka raba uwar ga tawaga a matsayin `Viewer` kawai, kai da mutum ɗaya ku riƙe ikon gyara. Akwai kuma wata dabara: a adireshin uwar, ka sauya ƙarshensa daga `/edit` da abin da ya biyo baya zuwa `/copy`, ka ajiye wannan a zauren tawaga na WhatsApp. Duk wanda ya danna, ba uwar zai gani ba, tambayarsa za a yi ko yana son cire kwafi. Amma a tsayar da mutum ɗaya mai cire kwafin kowace tafiya ya raba wa saura, in ba haka ba mutum biyar za su cike takarda biyar.

Ni dai ban yarda da waya ita kaɗai ba. A ƙauye sabis yana ɗaukewa, kuma ko da an kunna ajiyar da ke ba da damar aiki ba intanet, makin da wani ya sa ba zai bayyana a wayarka ba sai sabis ya dawo. Don haka muna buga kwafi ɗaya a A4 a kwance, shafi ɗaya, mu sa a allon maƙala takarda da biro ɗaure da zare, ya zauna a gaban mota. A takarda ba maki muke sa wa ba, haruffan farko na suna muke sa wa, don a san hannun wa. Idan an gama, a ɗauki hotonta a tura zaure kafin a tashi.

## Dawowa, da abin da ake gyarawa

Layin "Ya dawo" shi ya fi tsare mana dukiya. Ana cike shi a wurin taron kafin a rufe but, ba a ofis washegari ba. A lokacin kowa ya gaji, dare ya yi, yara sun kewaye kaya, kuma caja tana can jikin soket a bayan kujerar amarya. Minti goma ne. Mai alhaki ya kira, mai dubawa ya gani. Abin da ake cinyewa, kamar fetur da ƙananan batura, a rubuta abin da ya rage a Bayani don a san na saye.

Bayan kowace tafiya ina tambayar abu biyu: me muka nema ba mu da shi, me muka ɗauka ba mu taɓa ba. Na farko yana shiga uwa a ranar. Na biyu sai ya yi tafiya uku ba a taɓa shi ba kafin in cire, in ban da kayan ko-ta-kwana irin fiyus da makirfo mai waya, waɗanda amfaninsu dama a ranar da wani abu ya mutu ne. Duk gyara, ina canja kwanan watan da ke ƙasan uwar, in yaga tsofaffin kwafin da aka buga. Kuma sabon abu ana cusa shi ne cikin 'yan jakarsa, a tsakiyar jerin, don dokokin launi da lissafi su ɗauke shi. Idan aka rubuta shi ƙasa da layi na 60, gidan sama zai nuna 0 alhali bai ƙirga shi ba.

Da muka koma Katsina wani aikin bayan wata biyu, a daren tafiya mai ƙaramar kyamara ya kira "kati", mai babbar kyamara ya zazzage aljihun J1 ya ce uku, aka ƙirga aka ga biyu. Na ukun yana jikin kwamfutar nan dai. Aka ciro shi, aka ga aikin ranar Laraba yana kai ba a gama kwashewa ba, muka jira minti ashirin ya gama, aka goge, aka sa a kyamara, sannan aka sa maki a layi na 2. Tun daga lokacin na ƙara layi na 39 a ƙarshen jerin, wurinsa ofis, wanda na ƙara a jerin wurare dominsa, mai alhakinsa Kyamara 2: "Kwamfuta, a leƙa ramin kati a ga babu komai."